Wasiƙar Shaida Daga Malamin Da Ya Manta Da Ke: Nazarin Lamarin Wata Mai Neman Digiri Na Biyu

Matar da wannan nazari ya shafa ta kammala digirin farko a fannin nazarin ƙananan halittu a 2018. Daga 2019 zuwa 2022 ta yi aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani kamfani mai auna tsabtar ruwan sha, daga nan ta koma wata ƙungiya mai aikin kiwon lafiya. A ƙarshen 2023 ta ƙudiri aniyar neman digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma. Jami'o'i huɗu ta zaɓa, uku a Birtaniya, ɗaya a Amurka. Kowace tana son wasiƙar shaida daga malamin da ya koyar da ita, da wata daga wanda ta yi aiki a ƙarƙashinsa. Sakamakonta mai kyau ne, bayanin da ta rubuta kan dalilinta na neman karatun ma ba laifi. Wasiƙun nan ne suka so su kayar da ita, domin su kaɗai ne a duk takardun ba a hannunta suke ba.

Yunƙurin farko

Jami'ar farko za ta rufe karɓar takardu ranar 1 ga Disamba. Saura kwana tara ta tura wa wani farfesa saƙo ta waya, wanda shi ne shugaban sashensu lokacin tana ɗaliba. Ga abin da ta rubuta: "Assalamu alaikum Farfesa, ina wuni. Ni tsohuwar ɗalibarku ce. Don Allah ina neman taimako da wasiƙar shaida, zan nemi mastas. Na gode." Saƙon ya nuna an karanta. Amsa ba ta zo ba, wa'adi ya wuce, gurbin farko ya tafi.

Ta ɗauka wulaƙanci ne. Ni ban ga wulaƙanci a nan ba, kuma duk wanda ya taɓa zama a kujerar malami zai gane abin da ya faru. Farfesan ya koyar da ita kwas ɗaya a aji biyu, cikin ɗalibai fiye da ɗari, shekara bakwai da suka wuce. Saƙon bai faɗi cikakken sunanta ba, bai faɗi shekarar da ta gama ba, bai ce wace jami'a ba, wane kwas, yaushe za a rufe, ta wace hanya za a aika. Kafin ya iya cewa to ko a'a sai ya yi mata tambayoyi biyar ko shida, ya jira amsa, ya tono sakamakonta a ofis. Mai aiki da yawa idan ya ga irin wannan saƙo ba ya ƙi, cewa yake a ransa zan duba anjima. Anjimar ce ba ta zuwa.

Akwai kuma matsalar da ta fi wannan girma. Ko da ya amsa, me zai rubuta? Bai san ta ba. Iyakar abin da zai iya faɗa da gaskiya shi ne ta yi kwas ɗinsa ta ci. Sauran sai ya cike da kalmomin da ake yi wa kowa: mai ƙwazo, mai ladabi, mai riƙon amana. Masu tantance takardu suna karanta irin wannan da yawa, kuma suna gane ta tun daga sakin layi na farko. Ba ta cutarwa a fili, amma ba ta ƙara komai, alhali wani mai neman gurbin ya zo da wasiƙar da ke ba da labarin abin da ya yi da hannunsa. Abin da ake nema a wurin mai shaida shi ne ya kasance ganau, ba jiyau ba. Girman muƙaminsa yana zuwa ne bayan wannan.

Sauya mutum

Da ta zauna ta sake lissafi, tambayar da ta yi wa kanta ɗaya ce: a cikin malaman nan, wa ya ga aikina da idonsa? Amsar ba ta da wuya. Malamin da ya duba mata aikin binciken kammala digiri, dakta ne ba farfesa ba, sun shafe kusan shekara suna haɗuwa, ya yi mata gyara da jan biro babi bayan babi. Binciken a kan ƙwayoyin cuta ne a ruwan rijiyoyi, wato yana da alaƙa kai tsaye da karatun da take nema. Abin da ya hana ta tunkararsa tun farko kunya ce, don tun da ta gama ba ta sake neman sa ba. Wannan kunya tana hana mutane da yawa, kuma ba ta da tushe. Malamai sun san ɗalibi yakan ɓace shekaru sannan ya dawo da wannan buƙata. Rubuta shaida wani ɓangare ne na aikinsu. Abin da ke gundurar su ba dogon shiru ba ne, a ɗora musu aikin tono ne a kan ƙurarren lokaci.

Sauran jami'o'in uku za su rufe ne tsakanin 15 da 31 ga Janairu. A makon farko na Disamba ta rubuta masa, ta adireshin imel ɗinsa na jami'a, wanda ta samo a shafin sashen. Wato ta ba shi kimanin mako shida. A ganina mako huɗu zuwa shida shi ne adalci, kuma a riƙa duba kalandar malamin, ba ta mai nema kaɗai ba: mako shida da jarrabawa da makin takardu da hutun ƙarshen shekara suka cinye, a zahiri mako biyu ne.

A kan saƙon ta sa: "Neman wasiƙar shaida, daga ɗalibarku ta 2018, wa'adi 15 ga Janairu." Cikinsa kuma ga shi, na cire sunaye:

"Assalamu alaikum Malam. Da fatan kuna lafiya, ya aiki, ya iyali. Ni ce wance, wadda kuka duba wa aikin kammala digiri a zangon 2017/2018, a kan ƙwayoyin cuta a ruwan rijiyoyi. Ni ce wadda samfuranta na farko suka gurɓace, kuka sa na sake ɗibar ruwan gaba ɗaya. Bayan na gama na yi shekara uku ina gwajin ruwan sha, yanzu ina aikin sa ido kan cututtuka. Ina neman digiri na biyu a fannin lafiyar al'umma a jami'o'i uku, kuma ina roƙon ko za ku samu damar rubuta mini wasiƙar shaida mai ƙarfi. Wasiƙa ɗaya ta isa dukansu, sunan jami'a kawai za a sauya. Ta farko za ta rufe ranar 15 ga Janairu. Idan kun amince zan turo duk abin da kuke buƙata a saƙo ɗaya. Idan kuma lokaci bai ba ku dama ba, ko kuna ganin an daɗe har ba za ku iya faɗin abu mai yawa a kaina ba, don Allah ku sanar da ni, ba komai, zan nemi wani. Na gode, Allah ya saka da alheri."

Abubuwa biyu ne suka yi aiki a wannan saƙo. Na farko maganar samfuran da suka gurɓace. Malami ba ya tuna suna, ba ya tuna lambar ɗalibi, amma yana tuna abin da ya faru. Da ta tsaya a kan taken bincike kawai, da wuya ya ware ta daga sauran da ya duba wa aiki a kan ruwa. Wannan jumla ɗaya ta dawo masa da fuskarta, kuma daga baya ita ce ta zama ƙashin bayan wasiƙar: ɗaliba da ta gano da kanta cewa farantin da aka ajiye ba samfur don tabbatar da tsabtar gwaji shi ma ya tsiro da ƙwayoyi, ta zo ta faɗa maimakon ta ɓoye, ta sake aikin daga tushe.

Na biyu ƙofar fita da ta bar masa. Mutane suna tsoron wannan jumla, gani suke kamar suna koya wa mutum ya ƙi su. Amma malamin da yake jin nauyin cewa a'a, ko dai ya yi shiru har wa'adi ya wuce, ko ya rubuta wasiƙa mai sanyi wadda ba za ki taɓa gani ba balle ki san ta yi miki illa. "A'a" a makon farko alheri ce, don akwai sauran lokacin neman wani. Shi ya sa kuma ta ce "mai ƙarfi". Tambayar ba ko zai rubuta ba ce, ko zai iya tsaya mata ce.

Bayan kwana uku ya amsa: ya tuna ta sarai, ta turo.

Abin da ta tura

Saƙo ɗaya, fayil huɗu, kowanne da suna mai ma'ana wanda ya fara da sunanta. Cikakken sakamakonta na jami'a, takardar tarihin karatu da aiki, daftarin bayanin da ta rubuta wa jami'o'in kan dalilinta, da wani shafi guda da ta shirya musamman dominsa. Ba ta tura masa kundin binciken mai shafi tamanin ba, taƙaitaccen bayaninsa na shafin farko kawai ta liƙa.

Shafin nan guda shi ne zuciyar aikin. A samansa ta jera jami'o'in uku, kowace da ainihin sunan kwas kamar yadda yake a shafinsu, ranar rufewa, da hanyar aikawa. A tsakiya ta rubuta kwasa-kwasai biyu da ya koyar da ita, da shekara, da makin da ta samu. A ƙasa ta kawo abubuwa uku da ya gani da idonsa, kowanne a jumla biyu: maganar samfuran, yadda ta koyi lissafin ƙididdiga da kanta don nazarin sakamakon saboda ba a koyar da su sosai ba, da yadda ta kare aikin a gaban malamin da aka gayyato daga waje. Sai layi na ƙarshe: jami'o'in sun ce suna son jin ra'ayin mai shaida kan iya bincike, iya rubutu, da iya aiki da alƙaluma.

Lura da abin da ba ta sa ba. Ba ta rubuta "ni mai ƙwazo ce" ba. Hukunci nasa ne, nata kawo hujja. Kuma ba ta sa abin da bai gani ba, kamar ayyukanta na kamfani, domin wannan rabon ɗaya wasiƙar ne. Wasiƙu biyu da suka maimaita abu ɗaya, ɗaya ta tafi a banza.

"Ki rubuto in sa hannu"

Mako guda bayan nan ya aiko da gajeren saƙo: aiki ya yi masa yawa, ta rubuto daftari, zai duba ya sa hannu. Wannan yana faruwa sosai, kuma a nan ne sauƙaƙa wa mutum aiki yake iya zarcewa ya zama wani abu dabam. Jami'o'i da yawa sun faɗa ƙarara cewa mai shaida ne zai rubuta wasiƙar da kansa, wasu ma suna sa shi ya tabbatar da haka kafin ya aika. Ban da doka, akwai hatsarin da ake gani da ido: mai tantancewa yana karanta bayaninki da wasiƙar malaminki a zama ɗaya. Idan salon jumla ɗaya ne, kuskuren nahawu iri ɗaya ne, kalmar da kika fi so ta bayyana a duka biyun, ya gane. Sannan wanda ya rubuta wa kansa shaida ba ya iya faɗin abin da ya fi daraja a cikinta, wato kwatanci. Malami ne kaɗai zai iya cewa a cikin ɗaliban da na duba wa aiki a shekaru kaza, tana cikin kaɗan na sama. Ke ba ki san sauran ba.

Ba ta ce masa a'a kai tsaye ba, hakan zai yi nauyi. Ta amsa cewa jami'o'in sun shardanta wasiƙar ta fito daga gare shi, tana tsoron kada a soke takardunta, amma ga abin da za ta iya: ta faɗaɗa abubuwa ukun nan zuwa cikakkun bayanai da kwanan wata, ta jera su yadda wasiƙa take tafiya, wato yadda ya san ta da tsawon lokacin, sai misalan, sai dacewarta da kwas ɗin, ta bar masa gurbin hukunci da kwatanci. Ta ƙara da cewa idan ya fi masa sauƙi, ta kira shi na minti goma su bi bayanan tare. Ya zaɓi kiran. A cikinsa ma ya tuno wani abu da ita ta manta, cewa ta taimaka wa wasu ɗalibai biyu da lissafin nasu aikin. Wasiƙar da ya rubuta shafi ɗaya ce da 'yan layuka, kuma tsawon da ake so ke nan.

Na'ura ma tana da nata

Yawancin jami'o'i yanzu ba sa karɓar wasiƙar daga hannun mai nema. Za ki sa sunan mai shaida da imel ɗinsa a shafin neman gurbi, shafin ya aika masa da mahaɗi, shi ya shiga ya ɗora. Nan ma ana faɗuwa. Saƙon na'ura ne, sau da yawa yakan faɗa akwatin `Spam`, malami yana jira, ɗaliba tana jira, kowa yana zaton ɗayan ne ya yi jinkiri. Ita ba ta sa sunansa ba sai da ya amince, kuma duk ranar da ta sa, takan tura masa layi ɗaya: jami'a kaza ta aiko muku da saƙo yanzu, idan bai bayyana ba a duba `Spam`. Na ɗaya daga cikin ukun can aka same shi.

Ta yi amfani da imel ɗinsa na jami'a duk da ya fi duba na kansa, saboda jami'o'i da dama ba sa amincewa da adireshin da kowa zai iya buɗewa, ko kuma su nemi ƙarin tabbaci. Ta tuna masa a sa wasiƙar a takarda mai tambarin jami'a, da kwanan wata da sa hannu, a mayar da ita PDF. Ta kuma gargaɗe shi cewa wani shafin ba ɗora wasiƙa kawai ba ne, akwai 'yan tambayoyi da zai cike, irin su a wane kaso na ɗalibansa zai sa ta. Wanda ya ware minti biyu ya tarar da aikin minti goma sha biyar yakan rufe ya ce sai gobe.

Shafin jami'ar Amurka ya tambaye ta ko ta yafe haƙƙinta na ganin wasiƙar. Asalin wannan wata dokar ƙasar ce ta 1974, wadda aka fi sani da FERPA, da ta ba ɗalibi damar duba takardun da makarantarsa ta ajiye a kansa, har da wasiƙun shaida, sai dai idan ya yafe. Ta yafe, kuma daidai ta yi. Mai shaida yana ganin zaɓin da aka yi, masu tantancewa ma haka, kuma sun fi ba da gaskiya ga wasiƙar da aka rubuta ba tare da tunanin mai ita zai karanta ba. Wanda ba ki yarda da abin da zai faɗa a bayan idonki ba, tun farko bai kamata ki nemi shaidarsa ba.

Ɓangaren tsohon wurin aiki

Nan matsalar ta sha bamban. Matar da ta shugabance ta a ɗakin gwaje-gwaje ta tuna ta sarai, amma ta bar kamfanin. Ofishin ma'aikata na kamfanin kuma ya ce shi iyakarsa ya tabbatar da ranar fara aiki, ranar bari, da muƙami. Wannan ba mugunta ba ce, tsari ne da kamfanoni da yawa suke bi don gudun ƙara. A Birtaniya, misali, kotu mafi girma ta yanke hukunci a 1994 cewa wanda ya rubuta wa tsohon ma'aikaci shaida wajibi ne ya yi taka-tsantsan, idan sakacinsa ya jawo wa mutum asara za a iya neman diyya. Irin wannan takarda ta kamfani tana da amfaninta, amma ba ita jami'a take nema ba.

Sai ta nemi tsohuwar shugabar a sabon wurin aikinta, ta rubuta wa jami'o'in tana tambaya ko za su karɓi haka. Suka ce za su karɓa, muddin wasiƙar ta bayyana a ina suka yi aiki tare, a wane matsayi, daga yaushe zuwa yaushe. Ita ma an shirya mata shafi guda, amma abin cikinsa dabam: ayyukan da ke hannunta, sabbin ma'aikata biyu da ta horar, da lokacin da ta lura sakamakon wani wurin ɗibar ruwa yana ta hawa mako bayan mako ta kai rahoto kafin ya wuce ƙa'ida. Shugaba a wurin aiki ba lallai ta san abin da jami'a take son ji ba, don haka ta ƙara mata jumla biyu kan abin da kwas ɗin ya ƙunsa.

A nan wani abu ya fito da ya cancanci a tsaya a kansa. Shugabar ta karanta takardar tarihin aikin, ta kira ta: "Ƙanwata, kin rubuta ke ce mai kula da sashen gwajin ƙwayoyin cuta. A takarda muƙaminki mai gwaji ne. Na san kin riƙe sashen wata shida da na tafi hutun haihuwa, zan kuma faɗi haka, amma ba zan kira ki da muƙamin da ba a ba ki ba." Ta gyara takardar a ranar. Da ba ta tura mata ita ba, da takardu biyu sun isa gaban masu tantancewa suna saɓa wa juna, kuma ba wanda zai kira ta ya nemi bayani. Gaskiyar ma ta fi ƙarfi: ƙaramar ma'aikaciya da aka damƙa wa sashe wata shida, daga bakin wadda ta damƙa mata.

Tunatarwa da abin da ya biyo baya

Shugabar ta ɗora nata cikin mako biyu. Malamin kuwa har saura kwana goma shafin yana nuna bai aika ba. Ta tura tunatarwa a ƙarƙashin tsohon saƙon, don kada ya sake neman fayilolin: gaisuwa, ranar rufewa, da tambayar ko akwai abin da ya rage ta turo. Saura kwana uku ta sa shafin ya sake aika masa da mahaɗin, ta kira shi a waya. Ta kuma faɗa masa ƙarfe nawa za a rufe da agogon inda yake, domin jami'a da agogon garinta take aiki. Ya ɗora ta farko saura kwana biyu, sauran biyun a zama ɗaya washegari, tunda sunan jami'a kawai zai sauya. Ta roƙe shi ya duba sunan kafin kowace ɗorawa, don wasiƙa mai yabon wata jami'a ta isa wata jami'ar kuskure ne da ake yi.

Da a ce bai motsa ba, tana da wata malama da ta riga ta yi wa magana tun Disamba cewa mai yiwuwa ta neme ta, kuma shafukan suna ba da damar sauya mai shaida kafin ya aika.

Jami'o'i biyu sun ba ta gurbi, ta Amurkan ba ta ba ta ba. Ba wanda zai iya cewa ga rabon da wasiƙun suka taka a ciki, tunda masu tantancewa ba sa bayyana haka. Ta rubuta wa malamin da tsohuwar shugabar ta gode tun ranar da suka aika, ta sake rubutawa da sakamako ya fito, har da wanda bai yi daɗi ba. A watan Afrilu, da ta zo neman tallafin karatu, an sake buƙatar wasiƙa daga malamin. Ta tura masa sabon shafi guda da sharuɗɗan masu tallafin, ya buɗe tsohuwar wasiƙar, ya sauya sakin layi na ƙarshe, ya aika a ranar.